Jarrabawar CCNA: in zauna a gida ko in tafi santa?

Abba T/Wada: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa yi. Na gama karatun CCNA 200-301, na sayi baucha, yanzu na shiga shafin Pearson VUE zan sa rana sai ya ba ni zaɓi biyu, ko in je santa ko in yi a gida da OnVUE wani yana kallona ta kamara. Ranar da na samu a santa ta yi nisa kuma baucha ta kusa ƙarewa, na gida kuwa ko jibi akwai wuri. Abin da nake da shi laftof ne ɗan tsoho da MiFi, gidanmu kuma gidan yawa ne a Tudun Wada. Dala 300 ce wallahi ba na son ta tafi a banza.

Sadiq Kawo: Wa alaikumus salam. Santa kawai oga, kar ka wahalar da kanka.

Baban Ilham: To ai ni ban san an fara yi a gida ba. Yarinyata da ta yi bara sai da muka kai ta cibiyar CBT tun da asuba aka ɗauki ɗan yatsanta. Yanzu an canza ke nan?

Abba T/Wada: A'a Baba, wannan ba JAMB ba ce, ita JAMB tana nan a cibiyoyinta. Wannan ta Cisco ce, ta harkar netwok.

Baban Ilham: Au to. Allah ya ba da sa'a, bari in koma gefe in sha karatu.

Injiniya Malali: Abba kafin kowa ya ce maka gida ko santa, ga inda bambancin yake. Tambayoyin iri ɗaya ne, minti 120 ne ko ina ka zauna, satifiket ɗin ma ɗaya ne babu wanda zai rubuta a kai cewa a ɗaki ka yi. Abin da ya bambanta shi ne wa ke ɗaukar nauyi in abu ya lalace. A santa in wuta ta ɗauke ko kwamfuta ta tsaya, nasu ne, ma'aikacin wurin zai tayar da ita ko ya rubuta rahoto a sake maka rana. A gida kuwa wuta taka ce, intanet naka ne, ƙofar ɗakin ma taka ce, in ƙaninka ya banko ya shigo kai za a tuhuma ba shi ba. Saboda haka tambayar ita ce ko za ka iya riƙe waɗannan ukun na kusan awa uku, don ka haɗa da lokacin tantancewa kafin a fara da jiran layi, wani lokaci sai ka gama komai ka zauna kana kallon sikirin kana jiran mai sa ido ya ɗauke ka.

Sadiq Kawo: Shi ya sa na ce santa ai

Injiniya Malali: Ba a yanke hukunci ba a gwada ba Sadiq. Abba ka yi system test ɗin da ke shafinsu?

Abba T/Wada: Na yi Injiniya, komai ya nuna kore, kamara, makirfo, intanet duk ya wuce. Na kuma gwada gudun intanet ya ba ni 18 Mbps.

Injiniya Malali: Madalla, amma kar wannan ya rufe maka ido. Gwajin nan na ɗan lokaci ne, yana duba ko a wannan mintin layinka na da ƙarfi. Gudun da suke nema ma bai kai 10 Mbps ba, kusan kowa a Kaduna zai wuce. Abin da ke kashe mutane shi ne yankewa, domin kamararka tana tura bidiyonka ne kai tsaye tun daga farko har ƙarshe, in ya tsaya mai sa ido ya daina ganinka, kuma a wurinsu ɗalibin da ba a gani ba a san abin da yake yi ba. Ka buɗe Command Prompt a kan laftof ɗin da za ka yi jarrabawar da shi, a ɗakin da za ka zauna, ka buga wannan:

```
ping 8.8.8.8 -n 600
```

Zai ɗauki kamar minti goma. Ka yi sau ɗaya da dare, ka sake da safe a daidai lokacin da kake son sa jarrabawar, ka turo mana ƙarshensa. Kuma kar ka tashi ka bar shi, ka zauna ka kalli yadda layukan ke sauka.

Dan Barnawa: Duk wannan dogon turanci ne. Ka kunna VPN kawai netwok ɗinka zai daidaita, ni haka nake yi in zan yi mitin da mutanen waje. Kuma ka ajiye hotsifot na waya a gefe in MiFi ta yanke ka juya kai.

Malama Zee: Dan Barnawa don Allah kar ka jefa yaron mutane a rami. VPN an hana shi ƙarara a ƙa'idar OnVUE, manhajar ma sai ta sa ka rufe shi kafin ta buɗe. Waya kuma da zarar ka gama ɗaukar hotuna da ita za a ce ka ajiye ta inda hannunka ba zai kai ba, to da wane hannu za ka juya hotsifot ɗin? Kana miƙa hannu wajen waya an gama da kai.

Dan Barnawa: To ni dai abokina da hotsifot ya yi ta AWS daga farko har ƙarshe kuma ya ci

Injiniya Malali: Na yarda ya ci, mutane da yawa sun yi sun tsira. Amma su a rubuce sun ce kar a yi da hotsifot na waya, sun fi son kebul daga rauta zuwa laftof. Matsalar ita ce ranar da abin ya yanke ka je neman a sake maka rana, ka riga ka ba su hujja a kanka. Ga kuma kira, wani ya kira wayar a tsakiyar jarrabawa a wasu layukan data sai ta tsaya ko ta faɗo ƙasa. Maganar samun layi na biyu da ka kawo daidai ce, sai dai a shirya shi tun kafin a fara, laftof ɗin ya riga ya san shi ya haɗu da kansa in na farkon ya ɓace, ba sai mutum ya tashi ba.

Abba T/Wada: Ga na daren jiya wajen ƙarfe tara:

```
Packets: Sent = 600, Received = 571, Lost = 29 (4% loss)
Minimum = 41ms, Maximum = 1904ms, Average = 118ms
```

Ga na yau da safe ƙarfe bakwai:

```
Packets: Sent = 600, Received = 598, Lost = 2 (0% loss)
Minimum = 38ms, Maximum = 210ms, Average = 55ms
```

Injiniya Malali: Yauwa, ka ga abin da nake faɗa. MiFi ɗaya, ɗaki ɗaya, amma kamar layi biyu daban. Da dare duk unguwa na kan eriya ɗaya ana kallon bidiyo, da safe kowa na shirin fita. Yanzu gaya min, 29 ɗin nan da suka ɓace a warwatse suke ko a jere?

Abba T/Wada: Akwai inda Request timed out ya jeru sau goma sha biyu, sauran ɗaya ɗaya ne nan da can

Injiniya Malali: To wannan jerin shi ne abin tsoro, ba kashi huɗun ba. A Windows duk layin da ya ce Request timed out sai da ya jira kusan daƙiƙa huɗu kafin ya haƙura, goma sha biyu a jere ka ga ka yi kusan minti guda ba ka duniya ke nan. Ɗaya ɗaya da ke ɓacewa bidiyo zai ɗan yi tsalle ya ci gaba, amma minti guda cur mai sa ido zai ga hotonka ya daskare. In ka yi sa'a manhajar ta sake haɗuwa, ko a ce ka sake buɗe ta ka koma layin jira ka ci gaba daga inda ka tsaya. In abin ya yi ta maimaituwa sai su rufe zaman su buɗe maka kes, kai kuma ka shiga aika saƙo kana jira. Na safen nan kuwa lafiyayye ne. Ka maimaita shi wasu safiyoyin, har da irin ranar da za ka zaɓa a mako, in ya ci gaba da zama haka intanet ba zai hana ka yi a gida ba. Ka sa data isasshiya kuma, ko da kamara na tura 1 Mbps ne kawai, a awa ɗaya ya kai wajen MB 450, ka lissafa awa uku ka ninka don kwanciyar hankali, ka cire wayoyin 'yan gida daga kan MiFi ɗin.

Maman Hanif: Ni bari in ba ku nawa labarin, ba ta netwok ba ce tawa ta harkar kula da ayyuka ce amma manhajar ɗaya ce. Intanet bai ba ni matsala ba ko kaɗan, wuta ce. Laftof na da batir, na cika shi, na ce shi ke nan, ban yi tunanin fitilar ɗaki ba, ana cikin yi aka ɗauke wuta ga hadari ya haɗu ɗakin ya yi duhu sai hasken sikirin kawai a fuskata, nan take saƙo ya fito wai ba sa ganina da kyau, ni kuma ba halin in tashi in buɗe labule don an ce kar in fita daga kamara, sai da na rubuta masa na nemi izini ya ce in yi sauri. Ga maigida ya ji an ɗauke wuta ya je zai tayar da janareta, Allah ya taimake ni rautar na kan ƙaramin UPS, da ta mutu ta sake tashi da sai ta ci minti ɗaya ko biyu. Na dai ci amma hannuna rawa yake har na gama.

Malama Zee: Sannu Maman Hanif. Wannan na fitila mutane ba sa kawo shi a rai sam. Fitila mai caji a kunna ta tun kafin a fara ko da akwai wuta, a ajiye ta gabanka ba bayanka ba. Taga ma haka, in tana bayanka fuskarka baƙi za ta fito.

Injiniya Malali: Haka ne. Abba kai MiFi gare ka, tana da batir, ka jona ta da fawa bank ka manta da ita. Laftof ɗin ne ban yarda da shi ba tunda ka ce tsoho ne. Ka cika shi, ka zare caja, ka kunna kamara da bidiyo ka ƙara hasken sikirin ka ga awa nawa zai yi. Kar ka yarda da abin da alamar batir ke nunawa, tsohon batir sai ya ce saura kashi 40 ya mutu a take.

Abba T/Wada: Na gwada, awa ɗaya da minti goma ya yi ya mutu 😭 amma yayana na da inbata a ɗakinsa

Injiniya Malali: To ɗakin yayanka ne ɗakin jarrabawa, can za ka koma ka sake ping ɗin da system test, na ɗakinka bai ƙirgu ba.

Sadiq Kawo: Ku dai kuna ta wuta da intanet kun manta babban abu. CCNA fa ce. A santa za a ba ka ɗan allo da alƙalami mai gogewa ka yi lissafin sabnetin da hannunka, a gida ko ƙyallen takarda aka gani a teburinka ka shiga uku. Allon da ke cikin manhajar da linzami za ka yi ta fama, ga shi a jarrabawar nan in ka wuce tambaya ba ka komawa baya. Ni wannan kaɗai ya isa ya kai ni santa, har Abuja na bi jirgin ƙasa daga Rigasa na je na yi tawa kuma ban yi nadama ba.

Injiniya Malali: Nan kam Sadiq ya faɗi gaskiya, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da santa ke da ita a wannan jarrabawar. Sai dai allon na cikin manhaja ana iya buga rubutu a kai da kibod, ba dole sai zane ba. In an fara jarrabawa ka buga layi biyun nan, ba za su ci maka minti ɗaya ba:

```
128 192 224 240 248 252 254 255
128  64  32  16   8   4   2   1
```

A ce an ba ka 192.168.10.77/26 an ce wane netwok yake. /24 ta cinye gida ukun farko na adireshin, daga 24 zuwa 26 saura biyu, sai ka ƙirga gida na biyu a teburin, sama 192 ƙasa 64. Ke nan mask ɗin 255.255.255.192 ne kuma ana tafiya da sittin da huɗu huɗu, 0, 64, 128, 192. 77 ya faɗa tsakanin 64 da 128, netwok ɗin 192.168.10.64, adireshin ƙarshe na shela 192.168.10.127, waɗanda za a iya ba na'ura daga 65 zuwa 126. In kana iya wannan da ido da ɗan teburin nan ba ka buƙatar takarda. In har yanzu sai ka rubuta sifili da ɗaya guda takwas takwas kafin ka gane, ka bi Sadiq.

Abba T/Wada: Wannan ina yi da ka Injiniya, sai dai ni matsalata in ina lissafi bakina na motsi, ina karanta tambaya a fili

Malama Zee: Kai, to ka fara horar da bakinka daga yau. Karatu a fili ko motsa baki ko rufe baki da hannu duk suna jawo gargaɗi, a ganinsu ko kana karanta wa wani ne ko kana naɗar tambayoyin. Haka yawan kallon gefe ko sama. A santa ma ba a yarda ka yi surutu ba amma babu wanda zai tsayar da kai don ka kalli silin kana tunani. Ka riƙa yin gwajin gida na awa biyu cur da kamara a kunne, ba tashi ba fitsari, bayan ka gama ka kalli bidiyon kanka, za ka sha mamaki.

Sai ɗakin. Ana buɗe Check in minti 30 kafin lokacinka, ka shiga a farkon lokacin, wanda ya makara fiye da minti 15 ana ɗaukarsa bai zo ba. Za ka ɗauki hoton fuskarka, da katin shaida, da hoto huɗu na wurin zamanka, gaba da baya da hagu da dama. Tebur ya zama wayam, ba littafi ba biro ba agogon hannu ba abin kunne, in akwai wani sikirin ko talabijin kusa a zare shi daga wuta. Ɗakin yayanka in irin ɗakunan samarinmu ne da kalanda da takardu manne a bango kusa da tebur, ka sauke su kawai ka huta da tambaya.

Ummi U/Rimi: Malama don Allah mu masu hijabi fa? Wata ta ce min sai an cire shi gaba ɗaya shi ya sa ban taɓa gwada na gida ba

Malama Zee: Ni da hijabina na yi Ummi. Abin rufe kai na addini an yarda da shi, abin da aka ce min kawai in nuna kunnuwana a ga babu na'ura, na ɗaga gefe da gefe na mayar. A santa ma ana dubawa. Tabarau ma sai an ce ka cire ka nuna.

Maman Hanif: Abba gidan yawa ka ce ko? To ka tara su ka yi musu bayani tun daren, musamman Hajiya, don ita ce za ta aiko yaro da koko ta ce ai ba ka karya ba. Ka kulle ƙofa ta ciki, ka sa yayanka ya zauna a waje. Ko murya aka ji kusa da kai za a tambaye ka waye. Kuma ka duba lokacin salla, kar ka sa ƙarfe goma sha biyu azahar ta same ka a ciki, balle in lasifikar masallaci na jikin tagarku.

Dan Barnawa: Ni fa har yanzu ban ga abin wahala ba, in laftof ɗinsa ne matsala ya ari na ofis ɗin wani mai ƙarfi

Injiniya Malali: Na ofis shi ne mafi sharri Dan Barnawa, su da kansu suna gargaɗi a kai. Yawanci akwai manhajojin tsaro da na sa ido da kamfani ya dasa waɗanda ba ka da ikon rufewa, OnVUE kuma ba za ta saki jarrabawa ba sai an rufe duk abin da ta lissafo. Abba kai ma naka ka duba, ɗalibin CCNA ba ya rasa Packet Tracer da Wireshark da VirtualBox ko VMware, wataƙila da AnyDesk ko TeamViewer, wasunsu ko ka rufe taga suna nan suna aiki a ƙarƙashi. Ka sake kunna laftof ɗin da safen, ka buɗe Task Manager ka kashe su, wanda ya ƙi mutuwa ka nemo shi a Services ka tsayar. Ka shiga Windows Update ka danna Pause updates tun kwana biyu kafin ranar, bayan ka bar shi ya gama wanda ya riga ya fara. In kuma abu ya lalace duk da haka, kar ka rufe komai cikin fushi, ka yi magana da mai sa ido ta chat ka karɓi lambar kes, da ita za ka nemi a sake maka rana.

Abba T/Wada: Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka. Na gwada a ɗakin yaya da safe sakamakon ya yi kyau, ina ganin zan sa Talata ƙarfe bakwai. Saura abu ɗaya, katin shaida. Fasfo ɗina ya ƙare, ba ni da lasisin tuƙi, sai takardar NIN da katin zaɓe. Sannan a shafin na rubuta Abba, a takarduna kuma Abubakar ne.

Malama Zee: Innalillahi, ai da wannan ka fara tambaya! Sunan da ke akawun ɗinka dole ya zama daidai da na katin, Abba da Abubakar a wurinsu mutum biyu ne, gida ko santa duk za a mayar da kai kuma kuɗin ya tafi. Ka tuntuɓe su a gyara sunan tukuna, yana iya ɗaukar kwanaki. Fasfon da ya ƙare kuma ba ya aiki.

Sadiq Kawo: Takardar NIN an karɓi tawa a santa

Maman Hanif: Ni kuma na san wadda aka ƙi karɓar tata a na gida, aka ce takarda ce ba kati ba. Ni da fasfo na yi.

Dan Barnawa: Katin zaɓe fa ai na gwamnati ne kuma da hoto

Injiniya Malali: Na gwamnati ne, amma ana duba har da sa hannu da ranar ƙarewa, kuma abin da ma'aikaci a santa ya saba gani ya karɓa ba lallai wanda ke duba hoto daga wata ƙasa ya karɓa ba. Kar ka sa Talatar nan tukuna Abba. Ka rubuta musu ta chat, ka faɗi sunan katin da kake da shi ɗaya bayan ɗaya, ka ce OnVUE za ka yi, su ba ka amsa a rubuce ka ajiye hotonta. In sun ce a'a, ka kira santar ka ji ko su za su karɓa, ka kama ranar nan mai nisa in dai ba ta wuce wa'adin baucha ba.

Abba T/Wada: Ranar santar ta faɗo ne saura kwana biyu baucha ta ƙare. Na tura musu saƙon sunan yanzu, sun ce in turo hoton katin. Wanne zan tura, NIN ɗin ko na zaɓen?

Malama Zee: Tura duka biyun ka ji wanda za su ce